Littafin aiki: farfaɗo da kwafin kabon da ya koɗe

14 ga Janairu, 2024

Takardun da ke hannuna bayanan taro ne na wata ƙungiyar manoma ta garinmu, daga 1974 zuwa 1983. Duk an buga su da tafireta a kan fulsikaf, kuma mafi yawansu kwafin kabon ne, na biyu ko na uku. Na asalin sun tafi ofisoshin da aka aika wa, abin da ya rage a akwatin tsohon sakatare shi ne siraran takardun da ke ƙasa. Tawadar kabon shuɗiya ce da ta koɗe, takardar ta yi ruwan ƙasa, kuma ruwa ya taɓa shiga akwatin ta gefe guda. Abin da ake so shi ne rubutun ya koma wanda za a iya bincika suna ko shekara a cikinsa da kwamfuta.

Shekarun baya wani ya kai su shagon kwafi an ɗauke su da sikana, ɗigo 150 a kowane inci, aka ajiye a matsayin JPEG. Na ba Tesseract, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, waɗannan hotuna yadda suke. Saman shafi ya fito da kalmomi a kakkarye, ƙasan shafi kuwa, inda tabon ruwa yake, layuka ne sukutum suka ɓace kamar ba a taɓa buga su ba.

Kafin in taɓa komai na zaɓi shafuka uku: mai kyau, matsakaici, da wanda ya fi lalacewa. Na buga rubutunsu da hannu, harafi da harafi, har da kurakuran mai bugun farko. Duk gyaran da zan yi, da waɗannan ukun zan auna shi, in ƙirga haruffa nawa manhajar ta kuskure a cikin kowane 100. Ido ba alƙali ba ne a wannan aiki, don shafi yana iya yin fes a allo amma karatun ya ƙara muni. A yau matsakaicin shafin yana da kuskure kusan 30 cikin 100.

21 ga Janairu, 2024

Na fara da girman harafi, domin shi ne abin da adadin ɗigo yake nufi a zahiri. Masu Tesseract suna cewa a ba shi aƙalla ɗigo 300 a inci, amma dalilin yana cikin tsayin harafin ne. Tafiretar nan mai haruffa 10 a inci ce, babban harafinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na inci a tsaye ba. A 150 ke nan ɗigo 15 ne kacal ke ɗauke da A ko K, ƙananan haruffa irin a da e kuwa suna wajen 10. A wannan girman ƙaramar ƙofar da ke cikin e ɗigo biyu ce ko uku. Kabon kuma dama ba ya fitar da gefe mai kaifi, sai ƙofar ta toshe ko layin tsakiya ya ɓace, e ta koma c ko o. A 300 babban harafi yana samun ɗigo 30, wanda shi ne wajen da manhajar ta fi jin daɗin aiki.

Na sake ɗaukar shafukan gwajin a 300, 400 da 600. Tsakanin 150 da 300 bambancin babba ne, kuskuren ya ragu da kusan rabi. A 400 an ɗan ƙara samun sauƙi. A 600 babu wani ci gaba, sai dai zaren takarda da ƙwayoyin kabon suka fito fili, fayil kuma ya kumbura. Fulsikaf inci 8 ne da 13, wato a 600 hoto mai launi wanda ba a matse ba ya haura megabait 110, a 400 kuwa wajen 50. Na tsaya a 400, don siraran layukan kabon suna bukatar ɗan rarar.

Abu biyu na kashe a manhajar sikanar. Na farko zaɓin da ke mayar da shafi baƙi da fari tun a wurin ɗauka. Wannan yana yanke hukunci a kan kowane ɗigo nan take, kuma ɗigon da ya mayar fari ya tafi ke nan. Na biyu gyaran haske na kai tsaye, wanda ke sa kowane shafi ya fito da nasa ma'auni. Ina ajiye komai da launi, a TIFF ko PNG. JPEG yana barin wata ƙura-ƙura a gefen haruffa, wadda ba ta damun ido a hoton biki, amma idan aka zo ƙara bambancin haske sai ta taso ta manne da rubutu.

Gilashin sikanar na A4 ne, fulsikaf ya fi shi tsawo da fiye da inci ɗaya, don haka shafukan da rubutu ya kai ƙasa sai an ɗauke su sau biyu. Ga hunturu kuma. Ina goge gilashin bayan 'yan shafuka kaɗan, in ba haka ba ƙura tana zama aya da waƙafi a wurin da babu su.

28 ga Janairu, 2024

Yau launi na yi wa aiki. Hoto mai launi hotuna uku ne a haɗe: kason ja, kason kore, da kason shuɗi. Idan aka ce wa manhaja ta mayar da shi toka-toka, gauraya ukun take yi. A takardata wannan asara ce. Tawada shuɗiya tana mayar da shuɗin haske, tana shanye ja, saboda haka a kason ja take fitowa da duhu sosai, a kason shuɗi kuwa da kyar ake ganinta. Takardar da ta yi ruwan ƙasa akasin haka take: a kason ja tana da haske, a kason shuɗi tana da duhu. Kason ja ke nan yana ba ni tawada mafi duhu a kan takarda mafi haske, ba tare da na ƙirƙiri komai ba. Da ImageMagick, manhajar gyaran hoto, na ware shi:

```
magick shafi.tif -channel R -separate ja.png
```

Na buɗe kason ukun gefe da gefe. A na shuɗi tabon ruwa ya rufe kusan rubu'in shafin, a na ja ya rage ƙarfi ƙwarai, ko da yake bai tafi ba.

Akwai tarko a nan. Wasu shafukan na asali ne, kuma sakataren ya buga kan magana da jan ɓangaren ribon. Jan rubutu a kason ja fari yake zama, ya ɓace gaba ɗaya. Waɗannan na ware su, kason kore nake ɗauka a kansu. Haka ma 'yan takardun sanarwa masu tawada shunayya, irin na injin kwafi mai aiki da sifirit, kore ne ya fi fitar da su.

Sai batun abin da ake sa wa a bayan takarda. An saba cewa a sa baƙin kwali don hana rubutun baya bayyana ta gaba, kuma gaskiya ne ga takarda mai rubutu fuska biyu. Kwafin kabon ɗina fuska ɗaya ne, takardar kuma siririya ce har haske na ratsa ta. Baƙin kwali a bayanta duhunta ta yake yi duka, tazarar da ke tsakanin tawada da takarda ta ragu. Farar takarda mai kauri nake sawa. Baƙin kwalin na ajiye shi don 'yan wasiƙun da aka buga gaba da baya.

4 ga Fabrairu, 2024

Wannan makon ne na gano abin da ke cinye layukan ƙasa, kuma lissafi ne mai sauƙi.

A hoto mai toka-toka kowane ɗigo yana da lamba daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Kafin Tesseract ya nemo inda layuka suke, sai ya raba ɗigogin gida biyu, tawada da takarda. Hanyarsa ta asali ita ce wadda Nobuyuki Otsu ya wallafa a 1979: a duba yawan ɗigogin da ke kowane mataki na haske, a nemi lamba ɗaya da ta fi raba su zuwa tsibi biyu, duk abin da ke ƙasa da ita baƙi ne, abin da ke sama fari. A shafi mai tsabta wannan ya isa, domin tsibin biyu suna nesa da juna.

Na ɗora manunin linzami a wurare dabam-dabam na shafin da ya fi lalacewa na karanta lambobin. A sama, takarda tana wajen 215, tawadar da ta koɗe tana wajen 150. A ƙasa cikin tabon ruwa, takarda tana wajen 140, tawada wajen 95. Wato takardar ƙasa ta fi tawadar sama duhu. Duk lambar da aka zaɓa, wani ɓangare zai halaka. Idan aka yanke a 170, rubutun sama ya fito, amma ƙasan shafi ya zama baƙin faifai guda, manhajar ta ɗauke shi a matsayin hoto ta tsallake. Idan aka yanke a 120, ƙasa ta fito, sama ta koma farar takarda.

Ba sai an yi hasashe ba, Tesseract yana iya nuna baƙi-da-farin da ya yi wa kansa:

```
tesseract ja.png gwaji -c tessedit_write_images=1
```

Hoton da ya ajiye ya nuna faifan nan baƙi, daidai inda layukan suka ɓace.

Maganin shi ne a daidaita takardar tukuna, kafin a yi maganar yanka. Ana ƙera hoton takardar ita kaɗai, kamar ba a taɓa bugawa a kanta ba, sannan a raba hoton asali da shi, ɗigo da ɗigo. A sama 150 a raba da 215 ya ba da 0.70. A ƙasa 95 a raba da 140 ya ba da 0.68. Takarda kuwa ko'ina ta raba kanta ta ba da 1. Tawadar da a da take tsakanin 95 da 150 yanzu ta taru wuri guda, takarda ta zama fara daga sama har ƙasa.

```
magick ja.png \( +clone -morphology Dilate Disk:10 -blur 0x25 \) \
  -compose Divide_Src -composite daidai.png
```

`Dilate` yana faɗaɗa wurare masu haske har su haɗiye layukan haruffa, `-blur` kuma ya lallashe abin da ya rage. Lambar `Disk` ita ce abin lura. Dole faɗinta ya fi kaurin layin harafi, wanda a 400 yake wajen ɗigo 5 ko 6, har ma da haruffan da kabon ya cike cikinsu. Da na gwada `Disk:3` inuwar rubutun ta rage a hoton takardar, sai rabawar ta cinye tsakiyar haruffa masu kauri, suka fito kamar an zana gefensu kawai. Idan kuma lambar ta yi yawa, hoton takardar ba ya bin gefen tabon da kyau, sai a ga wani zobe mai duhu ya zagaye inda ruwan ya tsaya. Hanya mafi sauri ta ganewa ita ce a ajiye hoton takardar shi kaɗai a kalle shi. In ana iya karanta wata kalma a ciki, lambar ta yi kaɗan.

Layukan ƙasa duk sun dawo. Kuskuren matsakaicin shafi ya sauko zuwa wajen 9.

11 ga Fabrairu, 2024

Bayan daidaitawa shafin fari ne, amma rubutun har yanzu toka ne mai haske, wajen 175 cikin 255. Yanzu ne ƙara bambancin haske yake da ma'ana. Da an yi shi tun farko, tabon ne zai ƙara duhu tare da tawadar.

```
magick daidai.png -level 60%,95% -deskew 40% +repage tsaf.png
```

Ma'anarsa, duk abin da ke ƙasa da kashi 60 cikin 100 na haske ya zama baƙi, abin da ke sama da 95 ya zama fari, na tsakiya a miƙe shi ya cika fagen. Tawadar da ke 178 ta sauko wajen 72. Iyakar sama ce ke share zaren takarda, kuma ita ce mai haɗari. Da na sauke ta zuwa 85 shafin ya yi kyawun gani ƙwarai, sai dai ɗigon i da sandar t, waɗanda dama su ne mafi rauni a kwafi na uku, suka tafi tare da dattin, "ita" ta koma "lla". Na mayar da ita 95 na haƙura da ɗan dusar da ta rage.

`-deskew` yana miƙe shafin da ya karkace. Siraran takardun nan ba sa zama daidai a kan gilashi, kuma karkata kaɗan takan sa ƙarshen wani layi ya shiga farkon na ƙasansa.

Na kai wa tsohon sakataren shafi ɗaya da na buga bayan gyara. Ya ɗaga shi sama ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaro, wannan ai ya fi ranar da na buga shi fitowa." Na ce, "Baba, na ukun ne ma." Ya yi dariya ya ce na ukun dama na akwati ne, ba wanda ya zaci za a karanta shi.

18 ga Fabrairu, 2024

Tun daga fitowa ta 5.0, a ƙarshen 2021, Tesseract yana da wasu hanyoyin yanka bayan ta Otsu, kuma na ba da makon nan ga ta Sauvola, wadda Jaakko Sauvola da Matti Pietikäinen na jami'ar Oulu a Finland suka wallafa a 2000. Ita ba lamba ɗaya take nema wa shafi ba. Kowane ɗigo tana duba maƙwabtansa a cikin wata 'yar taga, ta lissafa masa iyakarsa:

```
T = m * (1 + k * (s / 128 - 1))
```

`m` matsakaicin hasken tagar ne, `s` yawan bambancin da ke cikinta, `k` kuma lambar da mutum ke zaɓa. Tesseract yana farawa da 0.34. Na gwada ta a kan kason ja wanda ban daidaita ba, don in ga ko za ta wadatar ita kaɗai. A wurin rubutun da ya koɗe, `m` yana wajen 190, `s` wajen 20. Da `k` a 0.34, iyakar ta fito wajen 135. Tawadata tana 150, wato sama da iyaka, sai ta zama fara. An tsara wannan lamba ne don rubutu mai baƙi sosai. Da na sauke `k` zuwa 0.15, iyakar ta hau zuwa 166, tawadar ta shiga.

Me zai hana a sauke shi ƙasa sosai? A fili marar rubutu, inda `m` yake 200 kuma `s` bai wuce 4 ba, 0.15 yana ba da iyaka 171, zaren takarda bai kai can ba. A 0.05 iyakar tana hawa 190, sai kowane ɗan duhun zare ya zama baƙin ɗigo, gefen shafi ya cika da yayyafi, manhajar kuma ta dinga karanta shi a matsayin alamomin rubutu. Tsakanin rubutun da ke ɓacewa da dattin da ke tasowa, filin da ke akwai a waɗannan takardu ƙunci gare shi, daga 0.12 zuwa 0.2.

```
tesseract tsaf.png fita --dpi 400 --psm 6 \
  -c thresholding_method=2 -c thresholding_kfactor=0.2
```

Faɗa masa `--dpi` na da amfani, domin girman tagar daga nan ake lissafa shi, kusan sulusin inci, wato ɗigo 132 a 400. Idan hoton ya rasa wannan bayani a hanya, tagar za ta fito da girman da ba shi aka nufa ba.

Sauvola ita kaɗai ta ceto layukan ƙasa, amma ba ta kai daidaitawa da rabawa ba. Haɗa su biyun ya fi kowanne.

Wani abu da ya canza tsarin aikina: na gwada mayar da shafin baƙi da fari da kaina kafin in miƙa, na kuma gwada miƙa mai toka-tokan da aka tsabtace. Na biyun ya yi nasara a shafuka ukun duka. Dalilin shi ne injin karatun Tesseract na yanzu yana amfani da baƙi-da-farin wajen gano layuka da kalmomi, amma idan ya zo karanta layin, hoton da aka ba shi yake komawa, da duk matakan tokarsa. Sandar t da ta koɗe rabi tana nan a toka, yana iya ganinta. Idan na yanke da kaina, na riga na yanke masa hukunci a kanta. Wannan ya ba ni hanyar gane ciwo: idan layi ko kalma ta ɓace ɗungurungum, matsalar yanka ce, `k` zan taɓa. Idan kalmar tana nan amma haruffanta sun rikice, matsalar girma ce ko bambancin haske, `-level` zan koma, ko gilashin sikana.

Matsakaicin shafi yanzu yana wajen 4 cikin 100. Mafi lalacewar yana 11.

3 ga Maris, 2024

Sauran kurakuran na zauna na rarraba su, kuma da yawansu ba na hoto ba ne. Tesseract ba ya zuwa da fayil na Hausa, da na Turanci nake aiki, shi kuma yana jan kalma zuwa wadda ya sani. Na kashe ƙamusunsa ta hanyar rubuta `load_system_dawg 0` da `load_freq_dawg 0`, kowanne a layinsa, cikin fayil na saiti da na miƙa masa a ƙarshen umarnin, an ɗan samu sauƙi. Sa'a ɗaya, tafiretar ba ta da ƙ, ɗ da ɓ, sakataren k, d da b ya buga, don haka babu lanƙwasar da za a yi fargabar ɓacewarta. Mayar da su aikin mai gyara ne daga baya. Lamba 1 kuwa da ƙaramin l ya buga ta, kamar yadda masu tafireta da yawa suke yi, shi ya sa 1978 take fitowa l978. Alamar naira N ce da aka sake buga = a kanta, kuma manhajar kowane lokaci da abin da take mayar da ita. Shafukan kuɗi dole a bi su da ido, lamba da lamba.

Akwai shafuka na 1975 da gara ta cinye bayan an kai su shagon kwafi, hoton 150 ɗin nan ne kaɗai ya rage. Waɗannan na ninka girmansu da `-filter Lanczos -resize 250%` kafin sauran matakan. Ninkawar tana kai harafi girman da manhajar ke so, kuma ta rage kuskure, amma ƙofar e da ta toshe tun a ɗaukar farko ba ta buɗewa. A kansu na bar `-level` da sassauci, 50 zuwa 97, saboda ƙurar JPEG tana tasowa da zarar an matsa. Suna tsayawa wajen 14 cikin 100, kuma na yanke shawarar buga mafi muninsu da hannu, ya fi sauri a kan gyaran abin da ya fito.

Na haɗa matakan cikin ɗan fayil ɗaya da ke bin jakar hotuna duka, da jaka dabam ga masu jan ribon da masu fuska biyu. Hotunan asali masu launi ban taɓa su ba, kowane mataki sabon fayil yake fitarwa. Abin da ke gaba shi ne takardun 1981 zuwa 1983, waɗanda aka buga da sitansil. Matsalarsu dabam ce: tawadar ba koɗewa ta yi ba, yawa ta yi har ta cike cikin a, e da o. Gwajin farko ya nuna `k` zai koma sama, wajen 0.4, kuma `Disk:10` ya yi musu kaɗan.